Tambayoyi da amsoshi kan tantance bil ɗin gini kafin a sa hannu

Waɗannan tambayoyi ne da masu gina gida da 'yan kwamitin masallaci ko makaranta suke yawan kawo mini idan ɗan kwangila ya miƙa musu bil. Farashin da ke cikin misalan na nuna hanya ne kawai, kada a ɗauke su a matsayin farashin kasuwar yau. Hanyar lissafin ita ce ba ta canzawa.

1. Mene ne bil ɗin gini, kuma me ya kamata in gani a cikinsa?

Takarda ce da ke rarraba aikin gini gaba ɗaya zuwa ƙananan layuka, tun daga haƙan harsashi har zuwa fenti. A bangonta za ka ga an rubuta BOQ. Kowane layi yana da bayanin aikin, sai adadinsa, sai ma'aunin da aka auna shi da shi, sai farashin ɗaya, sai kuɗin layin. A kan takarda ko a kwamfuta sunayen da za ka gani a saman waɗannan gurabe su ne `Description`, `Qty`, `Unit`, `Rate` da `Amount`.

Ƙa'idar da komai ya rataya a kanta guda ce: adadi sau farashin ɗaya dole ya ba da kuɗin layin. Kuɗaɗen layuka su haɗu su ba da jimlar shafi, jimlolin shafuka su haɗu su ba da jimlar sashe, sassa su haɗu a shafin ƙarshe su ba da kuɗin aikin. Sarƙa ce, kuma kowace mahaɗa tana iya tsinkewa ba tare da ta kusa da ita ta nuna alama ba.

2. Tunda kwamfuta ce ta yi lissafin, me zai sa in sake bi?

Saboda kwamfuta abin da aka ba ta take lissafawa, kuma bil ba ya zama yadda aka fara rubuta shi. Siminti ya tashi, sai a gyara farashi. Mai gida ya ce a ƙara ɗaki, sai a cusa layi a tsakiya. Alhaji ya nemi ragi, sai wani ya goge kuɗin layi ya buga sabo da hannu, ya bar adadi da farashi yadda suke. Daga wannan lokacin layin ya daina lissafa kansa, amma a ido yana nan kamar sauran.

Wannan ya taɓa cin ni a farkon aikina. Na karɓi bil na katanga da ɗakin mai gadi, na ga an buga shi tsaf, sai na duba jimlar ƙarshe kawai na ce wa mai aikin ya sa hannu. Sai da aka zo biyan kashi na biyu muka gano cewa jimlar shafin katanga ta shiga shafin ƙarshe sau biyu. Ɗan kwangilar bai musa ba, ya mayar da kuɗin, amma kunyar da na ji a gaban dattijon da ya yarda da ni har yau ban manta ba. Tun daga ranar ba na barin layi ko ɗaya ban taɓa shi da biro ba.

3. Ta ina zan fara, kuma me nake bukata?

Ka nemi bil ɗin a buge a takarda, ka nemi zanen ginin, ka samo kalkuleta da rula da jan biro. Rular tana da amfani fiye da yadda ake zato: ka ɗora ta a ƙarƙashin layin da kake dubawa don kada ido ya zame ya ɗauko farashin layin ƙasa. Ka fara ƙirga shafuka ka tabbatar lambobinsu sun bi juna, babu wanda ya ɓace, babu wanda aka maimaita.

Sannan ka bi aikin hawa-hawa. Da farko ka ninka adadi da farashi a kowane layi, wanda ya yi daidai ka sa masa alama, wanda ya saɓa ka rubuta amsarka a gefe ba tare da ka goge ta asali ba. Bayan ka gama wannan a dukkan shafuka sai ka dawo ka tara kuɗaɗen kowane shafi. Daga nan ka bi jimloli zuwa shafin ƙarshe, kamar yadda ke cikin amsa ta 5. Kada ka haɗa ayyukan nan a zagaye ɗaya. Wanda yake ninkawa yana tarawa a lokaci guda, idan ya kai shafi na shida kansa ya ɗau zafi, kuma a nan ne kuskure ke wucewa.

4. Za a iya nuna mini da misali yadda ake kama kuskure a shafi ɗaya?

Ga shafi daga bil na gida mai ɗaki uku, yadda aka kawo shi:

| Aiki | Adadi | Ma'auni | Farashin ɗaya | Kuɗin da aka rubuta |
|---|---|---|---|---|
| Ginin bulo inci 9 | 186 | m² | 9,500 | 1,767,000 |
| Ginin bulo inci 6 | 94 | m² | 8,200 | 707,800 |
| Kankare na linta da ginshiƙai | 6.4 | m³ | 95,000 | 608,000 |
| Rodi mai kaurin milimita 12 | 720 | kg | 1,150 | 828,000 |
| Filasta ciki da waje | 560 | m² | 2,800 | 1,658,000 |
| Jimlar shafi | | | | 5,568,800 |

Idan ka tara kuɗaɗen da aka rubuta, za su ba ka 5,568,800 cif. Wanda ya tsaya a tarawa zai ce shafin lafiya lau yake. Amma ninka layi na biyu: 94 sau 8,200 yana ba da 770,800, ba 707,800 ba. An rage naira 63,000, kuma ɗan kwangila ne wannan zai cuta. Ninka layin filasta: 560 sau 2,800 yana ba da 1,568,000, ba 1,658,000 ba. An ƙara naira 90,000, wannan kuma mai gida zai cuta. Jimlar gaskiya ita ce 5,541,800.

Lura da abu biyu. Bambancin jimla naira 27,000 ne kacal, alhali kuskuren da ke kwance a shafin ya kai 153,000 idan aka haɗa na ragi da na ƙari. Kurakurai suna rufa wa juna asiri, shi ya sa ƙaramin bambanci a jimla ba ya nufin ƙaramin kuskure. Na biyu, duka kurakuran nan na juya lambobi ne: 770 ya koma 707, 568 ya koma 658. Irin wannan yana da alama: bambancin yakan rabu da 9 ba saura. 63,000 da 90,000 duk suna rabuwa da 9. Idan ka ga haka, ka fara zargin yatsan mai bugawa kafin ka zargi zuciyarsa.

5. Na ninka kowane layi, na tara kowane shafi, duk daidai. Me ya rage?

Ɗaukar jimla daga wuri zuwa wuri. A ƙasan shafi za ka ga `To Collection` ko `Carried Forward`, a saman na gaba kuma `Brought Forward`, a ƙarshe kuma `Summary`. Salo biyu ne. A na farko kowane shafi yana tsayawa da kansa, a kwashe jimlarsa zuwa shafin tattarawa. A na biyu jimlar shafi tana gangarawa saman shafin da ke biye, ta ci gaba da taruwa. Matsala tana zuwa idan aka gauraya su: an gangaro da jimlar shafi na 3 cikin na 4, sannan a wurin tattarawa aka sake lissafa na 3 da na 4 kowanne daban. Irin kuskuren da na ambata a amsa ta 2 ke nan.

Ka sa yatsan hagu a kan jimlar shafi, na dama a kan inda aka kai ta, ka karanta lambobin ɗaya bayan ɗaya da baki. Idan kun samu ku biyu ne ya fi: ɗaya yana karantawa, ɗaya yana sa alama. Ka kuma ƙirga: idan sashen yana da shafi bakwai, layukan tattarawa su zama bakwai.

6. An turo mini bil ɗin a Excel. Yaya zan duba shi a can?

Ka yi kwafi ka yi aiki a kansa, ka bar na asali. A ce adadi yana gurbin C, farashi yana E, kuɗi yana F. A gurbin G da ba kowa, ka rubuta wannan a layi na 5 ka ja shi har ƙasa:

```
=ROUND(C5*E5,2)-F5
```

Duk inda amsar ba sifili ba ce, akwai magana. Don gwada jimlar shafin gaba ɗaya ba tare da ka dogara da kuɗaɗen da aka rubuta ba:

```
=SUMPRODUCT(C5:C40,E5:E40)
```

Sannan ka danna kan jimlar da suka rubuta ka ga daga ina zuwa ina take tarawa. Sau da yawa za ka tarar da `=SUM(F5:F38)` alhali layuka sun kai 40, domin an ƙara biyu a ƙasa daga baya. `=ISFORMULA(F5)` zai nuna maka layin da aka buga kuɗinsa da hannu, domin a nan zai ba da `FALSE`. Ka kuma duba lambobin layuka a gefen hagu: idan sun yi tsalle daga 21 zuwa 24, akwai layukan da aka ɓoye, kuma kuɗinsu yana cikin jimla.

Akwai wani bambanci da ke rikita mutane ba gaira ba dalili. Allon yana nuna kankare 6.4, amma a ciki lambar 6.437 ce. Kwamfuta za ta ba da 611,515, kalkuletarka ta ba da 608,000, ka yi ta neman inda 3,515 ta fito. Ba sata ba ce, amma a gyara: adadin da ke bayyane a takardar da za a sa wa hannu shi ne ya kamata a ninka.

7. Me ya sa ake cewa a kula da ma'auni? Ba lamba ce muhimmiya ba?

Lamba ba ta da ma'ana sai da ma'auninta, kuma mafi munin kurakurai a nan suke. Ginin bulo da filasta da tayil da fenti ana auna su da murabba'in mita. Kankare da haƙa da ciko ana auna su da mita kubik. Rodi da kilo ko tan. Ƙofofi da tagogi da ƙirga. Dole farashin ya zama na ma'aunin da aka rubuta a layin.

Ɗauki rodin da ke amsa ta 4. Kilo 720 a kan 1,150 daidai yake da tan 0.72 a kan 1,150,000, duka 828,000. Idan ɗigon ya gusa aka rubuta tan 7.2, layin ya zama 8,280,000, kuma ninkawar za ta fito daidai, kalkuleta ba za ta yi ƙorafi ba. Abin da zai cece ka shi ne mayar da lambar zuwa abin da ido ya sani. Rodi mai milimita 12 nauyinsa kusan kilo 0.89 ne a kowace mita, sanda ɗaya mai tsawon mita 12 kuwa kusan kilo 10.7. Kilo 720 ke nan sanda 68 ne ko kusa da haka. Tan 7.2 kuwa sanda 670 da 'yan kai ne. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima: duk wanda ya taɓa tsayawa a wurin gini ya san linta da ginshiƙan gida mai ɗaki uku ba za su ci wannan tulin ba.

Daɓen ƙasa ma wuri ne na tuntuɓe. Wani bil yana auna shi da murabba'in mita tare da faɗin kaurinsa, wani da mita kubik. Daɓe mai murabba'in mita 120 da kaurin milimita 150 kankarensa mita kubik 18 ne. Idan aka bar 120 aka sa masa farashin mita kubik, an ninka kuɗin fiye da sau shida.

8. Idan duk lissafi ya yi daidai, ke nan bil ɗin ya inganta?

A'a, kuma wannan ce amsar da na fi so a riƙe. Lissafi yana tabbatar da cewa lambobin sun yarda da junansu, ba ya tabbatar da cewa sun yarda da ginin. Adadin da aka kumbura yana ninkuwa tsaf kamar na gaskiya. Don haka bayan kalkuleta sai a koma ga zane.

Ba sai ka auna gidan duka ba. Zaɓi layuka huɗu ko biyar da suka fi cin kuɗi ka gwada su. Ga bango mai tsawon mita 4.2 da tsayin mita 3, wato murabba'in mita 12.6. Yana da ƙofa mai 0.9 da 2.1, wato 1.89, da taga mai 1.2 da 1.2, wato 1.44. Abin da birkila zai gina shi ne 9.27. Idan ba a cire ƙofa da taga ba, an caje ka 3.33 na iska: naira 31,635 a bulo, da wata 18,648 a filastar fuska biyu. Bango ɗaya ke nan, kuma gida yana da ƙofofi da tagogi da yawa.

Layuka kuma suna ba da shaida a kan juna. A misalinmu bulo 186 da 94 sun haɗu 280, filasta kuma 560, wato ninki biyu, domin bango fuska biyu gare shi. Da filasta ta zo 800, da sai a tambayi inda sauran bangon yake. Fentin bango ya yi kusa da filasta, silin ya yi kusa da tayil ɗin ƙasa. Bulo mai tsawon milimita 450 da tsayin 225 guda goma ne ke cika murabba'in mita ɗaya, saboda haka 186 na nufin bulo kusan 1,860, lambar da kowane birkila zai iya ce maka ta yi ko ba ta yi ba. Wani abu kuma: a ƙa'ida ana auna aikin da zai tsaya a jikin gini ne, asarar fashewar bulo da zubar siminti tana cikin farashin ɗaya. Idan an ƙara ta a adadi kuma tana cikin farashi, ka biya sau biyu.

9. Idan farashin ɗaya da kuɗin layi sun saɓa, wanne ake ɗauka?

A takardun neman kwangila na gwamnati da na manyan hukumomi, abin da aka saba rubutawa shi ne farashin ɗaya ake riƙewa, a gyara kuɗin layi ya bi shi, sai dai idan a fili yake cewa ɗigo ne ya gusa a farashin. Idan jimla ta saɓa da layukan da suka haife ta, layukan ake bi. Idan kuɗin da aka rubuta da kalmomi ya saɓa da na lambobi, galibi kalmomin ake ɗauka. Dalilin fifita farashin ɗaya shi ne da shi za a yi ta aiki har ƙarshe: da shi ake biyan abin da aka gina, da shi ake lissafa ƙari ko ragi.

Aikin gida tsakanin mutum da ɗan kwangilarsa kuwa yana bin abin da suka rubuta ne. Idan yarjejeniyar ta kuɗi dunƙule ce, ɗan kwangila zai iya cewa jimlar ƙarshe kuka yi ciniki a kai, ba layuka ba. Shi ya sa nake ba da shawarar a sa sharaɗi ɗaya a yarjejeniya da ke faɗin wanne ke rinjaye, kuma a yi gyaran kafin sa hannu. Tun ran gini tun ran zane. Gyaran kuma ya bi ta ko'ina: 63,000 da aka rage wa ɗan kwangila a amsa ta 4 haƙƙinsa ce, a mayar masa kamar yadda za a cire 90,000 ɗin.

10. Akwai layukan da ba su da adadi ko farashi, kuɗi kawai. Yaya zan duba su?

Waɗannan ba a ninka su, tambaya ake yi a kansu. `Provisional Sum` kuɗi ne da aka ware wa aikin da ba a gama sanin girmansa ba, kamar rijiyar burtsatse ko jawo wuta. `Contingency` na abin da ba a zata ba ne. Duka biyun ba na ɗan kwangila ba ne har sai an yi aikin da izininka, abin da ya rage kuma naka ne. Ka duba kada aikin da aka ware wa irin wannan kuɗi ya sake fitowa a wani shafi da adadi da farashi.

Waɗanda ake lissafawa da kaso kuma, ka duba a kan wace jimla aka ɗora su. Harajin da ake rubutawa `VAT` a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne tun watan Fabrairun 2020, don haka tsohon fayil da har yanzu ke ɗauke da kashi 5 yana bukatar gyara, kuma ka tambaya ko an riga an sa harajin cikin farashin layuka. Duk kuskuren da ke sama yana gangarowa nan ya yi ƙiba: 27,000 ɗin amsa ta 4, idan aka ɗora mata kashi 5 na ko-ta-kwana sannan aka ɗora haraji, ta zama 30,476. Bayan kowane gyara sai an sake lissafa shafin ƙarshe daga sama har ƙasa.

11. Ɗan kwangilar ɗan'uwa ne. Yaya zan nuna masa kuskure ba tare da an ɓata ba?

Ka rubuta kurakuran a takarda ɗaya: shafi, layi, abin da aka rubuta, abin da ka samu, bambanci. Ka fara da wanda gyaransa zai amfane shi. "Yaya, na ga a nan kun cuci kanku da dubu sittin da uku" yana buɗe ƙofar da "kun ƙara mini kuɗi" ke rufewa. Ku zauna da kalkuleta ɗaya, shi ya danna da hannunsa. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, kuma mai gaskiya yakan ji daɗi an kama kuskuren tun kuɗi bai fita ba.

Idan kun daidaita, a buga sabon bil mai kwanan wata, ku sa hannu a kowane shafi, kowa ya riƙe kwafi. Kada a bar gyara a baki ko a saƙon waya. Sabon bugun ma ka sake bin sa, domin wurin gyara layi ɗaya ake taɓa wani.

12. Yaushe ne ya kamata in nemi ƙwararre maimakon in yi da kaina?

Ninkawa da tarawa da bin jimloli, wato amsa ta 3 zuwa ta 6, duk mai haƙuri zai iya. Gwajin da ke amsa ta 8 ma za ka iya a gida mai hawa ɗaya. Amma idan bene ne mai rufin kankare da bim da rodi kala-kala, ko kuɗin jama'a ne da za ka yi bayaninsa a gaban kwamiti, ko kana kwatanta bil na 'yan kwangila uku da kowanne ya auna aikin ta hanyarsa, ka nemi kwantiti sabeya, wato ƙwararren mai auna adadi da kuɗin aikin gini. A Najeriya hukumar QSRBN ce ke yi musu rajista, ƙungiyarsu kuma ita ce NIQS, kana da damar tambayar lambar rajistarsa. Ka tabbatar ba shi ne ya shirya wa ɗan kwangilar bil ɗin ba.

Ka ba shi zanen gini da na injiniya cikakku, ba bil kaɗai ba, domin ba tare da zane ba shi ma ninkawa kawai zai yi. Ka roƙe shi ya ba ka takardar awonsa, inda ya nuna yadda kowane adadi ya fito, ka ajiye ta tare da bil ɗin da aka sa wa hannu. Ranar da ɗan kwangila ya zo neman kuɗin kashi na biyu yana cewa an gama bulo, da ita za ka shiga wurin ginin da tef a hannu ka auna abin da ke tsaye.